Ƙudan zuma ne ko rina?

Masu kiwon zuma a Daura sun sha turo mini hoto suna tambaya, kwankwaso za a duba ko ƙafa? Kwankwason rina a tsuke yake kamar an ɗaure da zare, jiki sumul; na ƙudan zuma a cike, gashi ya rufe ƙirji. Amma fiffike yakan ɓoye kwankwaso. Ni na fi yarda da ƙafar baya: ta ƙudan zuma faffaɗa ce, sau da yawa da ƙullin garin fure rawaya, ta rina siririya. Babbar rina kuwa, gashinta kaɗan, kai ƙato. In hoton daga sama aka ɗauka, dubi kwankwaso. In daga gefe ne, dubi ƙafa.