Sidi 300 na talla: latsawa mai araha za ka saya, ko hirar WhatsApp?

Mai sayar da abaya a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi, da ya ware sidi 300 don talla kafin Salla, hanya uku ce a gabansa. Ko ya sayi latsawa a Facebook da Instagram, ko ya sayi tallar da ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinsa, ko ya je Google Ads. Kowace akwai lambar da take yaudara da ita, don haka kafin ka buɗe wayar, ɗauko littafin cinikinka tukuna.

Lambar farko ba a allo take ba. A ce abaya sidi 200 kake sayarwa, bayan ka cire kuɗin sari daga Kejetia, da leda, da na mai babur, ribarka 50 ce. To, duk mai sayen da talla ta kawo maka shi a kan fiye da sidi 50, asara ka sayo. Raba 200 da 50, ka sami 4. Abin da ake rubutawa ROAS shi ne cinikin da talla ta kawo a raba da kuɗin tallar, kuma a wannan kaya sai ya kai 4 kafin ka tashi ba ci ba asara. Wani zai ga 3 ya yi murna wai ya ninka kuɗinsa sau uku, alhali ciniki ya ƙirga, ya manta da uwar kuɗi.

Mu raba 300 ɗin biyu don misali. Rabin farko an sayi latsawa, allo ya nuna CPC, kuɗin kowace latsawa ke nan, ya tsaya a fesuwa 50, wato 150 ta kawo latsawa 300. Abin gwanin daɗi. Amma mutum biyu kacal suka biya. Ciniki 400, riba 100, talla ta ci 150, an tashi da asarar 50, kowane mai saye ya tsaya a kan 75. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da ka ce wa manhajar tallar Facebook ta nemo shi take nemowa. Ka ce latsawa, sai ta tattaro maka masu saurin yatsa. A lura kuma, CPC (all) yana haɗawa har da wanda ya taɓa hoton ko sunan shafinka, shi ya sa yake fitowa da araha. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne CPC (cost per link click), mai ƙirga waɗanda suka latsa link ɗin tallar kawai.

Rabi na biyu ya tafi WhatsApp. Hira 30 aka fara, kowace a kan sidi 5, ninki goma ke nan na farashin latsawa, har gaban mutum ya faɗi. Sai dai biyar sun turo MoMo. Ɗaya cikin shida ya saya, ciniki 1,000, riba 250, a cire 150, saura 100. Ni wannan zan zaɓa wa mai kayan da ake saye da ido da ciniki, da sharaɗin yana amsa saƙo da wuri. Wanda ya rubuto "nawa ne?" da azahar ba zai jira ka har bayan isha'i ba.

Aiki ɗaya wannan hanyar take ɗora maka. Tunda kuɗin ta MoMo ko hannu da hannu ya shigo, manhajar ba ta gan shi ba, gurbin ROAS zai zauna wayam. Kai ne za ka rubuta wa ya zo daga talla, wa ya biya, wa ya ce "zan dawo".

Google kuwa na masu nema ne. Ya fi dacewa da mai gyaran firiji ko mai hayar mota, wanda ake rubuta buƙatarsa a nema. In kuma za ka gwada, ninka ribarka da kason masu saye: in ɗaya cikin 50 ke saya, riba 50, kada latsawa ta wuce sidi 1.

Kada kuma ka rantse da sakamakon mako guda. A misalin WhatsApp, mutum biyu kawai su fasa, ciniki ya koma 600, ROAS ya sauko 4 daidai, ribar ta tafi. Ita kanta manhajar Meta, kamfanin Facebook da Instagram, tana son sakamako kusan 50 cikin kwana bakwai kafin ta gama koyon wanda za ta nuna wa talla, kuma ƙaramin kuɗi da wuya ya kai nan. Saboda haka kada ka yayyanka 300 gida biyar. Talla ɗaya, hoto ɗaya ko biyu, a taƙaita ta ga Kumasi inda mai baburinka ke kaiwa, a bar ta ta cika mako ba tare da canja ta kullum ba, sannan a raba kuɗin da aka kashe da yawan waɗanda suka biya a gwada da sidi 50 ɗin nan.