Sharhi kan ajin girki na waya: darasin alkakin da ya zo babu ƙarshe

Ajin na WhatsApp ne, wata malamar girki a nan Damagaram take gudanar da shi. Jika biyu ake biya, wato sefa 2,000, a koya maka kayan gara: alkaki, nakiya, dubulan da cincin. Kowane darasi a rubuce yake zuwa, da hoton abin bayan an gama. Na shiga ne saboda bikin ɗiyar yayata ya matso, kuma ni aka ɗora wa alkaki. Na iya shi daidai gwargwado tun a gida, amma da ido muke aunawa, ni kuwa ina son awo tsayayye wanda zan ninka ba tare da fargaba ba. Awon na samu, kuma mai kyau ne. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne yadda darasin ya iso, da abin da ya biyo baya.

Ga kayan da aka lissafa: barzajjiyar alkama gwangwani 4, mai rabin gwangwani na murzawa, yis ƙaramin cokali 1, nono kaɗan, gishiri, kanwa, sukari gwangwani 3, lemon tsami 2, sai man suya. Bayanin ya fara lafiya lau. A murza alkama da mai har ta yi washar-washar, a zuba yis da nono da gishiri, a kwaɓa da ruwa da ɗan tauri, a rufe a bari ya kwana. Layin ƙarshe ya ce: "Da safe idan kin buɗe za ki ji ya yi tsami, sai ki". Nan saƙon ya tsaya, ko aya babu.

Wannan yankewar a fili take, tunda jimlar ba ta ƙare ba. Amma da a ce ta yanke a kan "a bari ya kwana", da mutane da yawa ba za su lura ba sai da safe. Hanyar da nake gane girkin da aka guntule ita ce in koma kan jerin kaya in bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina ina kowanne ya shiga. A wannan darasi alkama ta shiga, mai ya shiga, yis da nono da gishiri sun shiga. Kanwa fa? Sukari gwangwani 3? Lemon tsami? Man suya? Kaya huɗu suna zaune ba a taɓa su ba, kuma daga su kaɗai za ka san cewa aiki uku ne suka ɓace: kashe tsami, suya, da dafa ruwan sukari. A alkaki kuwa waɗannan ukun su ne girkin, domin kwaɓi kowa na iya yi.

Kafin in yi magana sai da na duba ko daga wayata matsalar take, domin dogon saƙo yakan naɗe, sai ka danna ɗan rubutun da ke ƙasansa sannan sauran ya buɗe. Babu wannan. Daga baya muka gane mataimakiyar malamar ce ta kwafo darasin daga wani wuri ta manna, hannunta bai kamo wutsiyar ba.

Saƙon da na tura a ajin gajere ne. Na ce: "Malama barka da yamma. Darasin alkaki ya tsaya a wurin da kika ce 'za ki ji ya yi tsami, sai ki'. Ban ga inda kanwa da sukari da lemon tsami suka shiga ba, haka ma suya. Don Allah a turo mana daga nan zuwa ƙarshe kafin mu kwaɓa." Da gangan na maimaita kalmominta na ƙarshe. Idan ka ce wa mutum "abin bai cika ba" kawai, shi a wayarsa cikakke yake gani, sai ya ɗauka kai ne ba ka fahimta ba, ya sake turo maka guntun nan dai, ko ya shiga yi maka bayanin abin da ka riga ka karanta. Idan ka nuna masa daidai inda zaren ya tsinke, ko minti ɗaya gyaran ba zai ci ba.

A nan ne ajin ya fara ba ni haushi. Malamar ba ta kusa, an ce tana wurin wani biki. Mataimakiyar ta amsa da cewa: "Sauran kamar yadda aka saba ne, ku soya ku sa a sukari." Wanda ya saba ai ba zai biya jika biyu ba. Ga shi kuma wasu tun da la'asar sun kwaɓa, ba su karanta har ƙasa ba. Kwaɓin da ke da yis da nono ba ya jiran kowa, balle a zafin garin nan. Idan ya wuce lokacinsa tsamin yakan yi yawa, ya saki, ya ƙi mulmuluwa. Mai firji za ta iya saka shi ciki ta rage masa gudu, in an yi sa'a wuta ta zauna. Wadda ba ta da shi dole da safe ta yi wani abu.

Sai wata baiwar Allah a cikin ɗalibai ta ɗauki nauyin cike gurbin. Niyyarta alheri ce, na tabbata. Amma ta kwafi darasin malama, ta ɗora nata bayanin a ƙasa, ta turo shi a dunƙule, babu alamar inda maganar malama ta ƙare tata ta fara. Abin da ta ɗora kuwa suyar fanke ce: mai ya yi zafi sosai, a jefa, ya yi ja a kwashe. Kanwa ko ambatonta ba ta yi ba. Ruwan sukari ta ce a dafa "har ya yi kauri". Maƙwabciyata a unguwar Birni, wadda tare muka shiga ajin, wannan ta bi, domin ta ɗauka malama ce ta gyara. Ta aiko min da nata a faranti in gani. Waje ya yi duhu har yana neman ƙonewa, na karya ɗaya na tarar da cikinsa fari, danƙo-danƙo, yana warin ɗanyen kwaɓi. Sukarin ya daskare a bayansa fari fat, yana ɓarɓashi a hannu, ko kaɗan bai shiga ciki ba. Alkama gwangwani 8 ta yi asara, domin ninkawa ta yi.

Laifin cike gurbin bai kai laifin ɓoye shi ba. Idan aka turo maka guntun girki aka ce ka taimaka, kuma ka iya, babu dalilin yin shiru mutane na tsaye da kwaɓi a hannu. Amma ka raba maganar gida biyu: ga inda na mai girkin ya tsaya, ga yadda ni nake yi daga nan. Haka na yi da safen da na ga abin na neman yawa. Na rubuta: "Ƴan uwa, wannan ba na malama ba ne, yadda muke yi ne a gidanmu. Wadda ba ta kwaɓa ba ta jira malama. Wadda ta kwaɓa ga abin da zai fisshe ta." Awon kanwa kuma na ce a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, ban ba da adadi ba, domin kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, kuma tsamin kwaɓin kowa daban.

Wajen azahar malama ta dawo, ta ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ta turo sauran a rubuce da kuma murya. Gaskiya a nan na ga abin da na biya. Ta ce a jiƙa kanwa tun dare, a tsiyaye ruwan sama mai haske a bar laka a ƙasa. A riƙa yayyafawa a kwaɓin ana murzawa har tsamin ya kwanta ya bar ɗan kaɗan. In ta yi yawa alkakin zai yi duhu tun kafin ya soyu, ya yi ɗanɗanon sabulu a baki. Bayan nan a murza kwaɓin sosai har ya yi laushi ya haɗe jikinsa, a mulmula shi dogo kamar yatsa, a naɗe. Wanda bai murzu ba shi ne yake tsagewa ya watse a cikin mai.

Suya kuma a wuta marar ƙarfi. Gwajin da ta bayar shi ne a gutsuri ɗan kwaɓi a jefa: idan ya nutse sannan ya taso a hankali da ƙananan kumfa, mai ya yi. Idan ya taso nan take yana ƙara, a rage wuta a jira. Dalilin shi ne alkama barzajjiya ce kuma kwaɓin mai tauri, zafi yana ɗaukar lokaci kafin ya kai tsakiya, saɓanin fanke da yake sakakke cike da iska. Man da bai yi zafi ba kuma shi ma matsala ne, alkakin zai sha mai ya yi nauyi.

Ruwan sukarin shi ta fi daɗewa a kai. Sukari gwangwani 3, ruwa gwangwani ɗaya da rabi, a matse lemon tsami a ciki, a dafa tun kafin a fara suya. Lemon ba don ɗanɗano kaɗai yake ba, shi ke hana sukari komawa ƙanƙara idan ya huce. Za a ɗiga kaɗan a bayan cokali, ya ɗan sha iska, a taɓa da yatsa biyu a buɗe: idan ya ja zare ɗaya siriri ya tsinke, a sauke. Wanda ya wuce haka zai tsaya a bayan alkaki ya yi fari, irin na maƙwabciyata. Wanda bai kai ba zai jiƙa alkakin ya yi lugub, kuma ba zai daɗe a ajiye ba, alhali kayan gara ana so su yi kwanaki. Alkaki daga mai kai tsaye cikin ruwan sukari mai ɗumi, a juya shi na ƴan mintuna, a tsame a kwando. Da na bi wannan, nawa ya fito ja mai sheƙi, in ka karya sukarin ya ratsa har ciki, yana ƙamas a haƙori ba tare da tauri ba. Alkamar daga kasuwar Dole na sayo, na ce wa mai inji ya barza kada ya niƙe, kuma na tsaya a kansa, domin da ka juya baya gari zai miƙo maka.

To, ajin ya cancanci kuɗinsa? Wajen ilimi, e, malamar ta san aikinta, tana faɗin dalilin kowane mataki, abin da ba kowace mai koyarwa ke yi ba. Wajen tsari kuwa da sauran gyara. Darussan ba su da lamba a kan matakai, ba a rubuta "ƙarshe" a ƙasa, kuma guntun saƙon da na baiwar Allah nan duk suna nan a ajin ba a goge ba, wadda ta shigo daga baya za ta iya faɗawa kansu. Na faɗa wa malama haka ta gefe, ta ce za ta duba. Maƙwabciyata an ba ta darasin gireba kyauta a madadin asararta, ita dai ta ce da alkamar aka biya ta da ya fi mata. Darasin dubulan da ya zo bayan nan na bi kayansa ɗaya bayan ɗaya kafin in kunna wuta, kowanne ya samu wurinsa a bayanin. Na nakiya ban gwada ba tukuna, sai shinkafar ta dawo daga inji.