Mitar USB zalla, ko mita mai na'urar jan wuta?

Ana yawan tambayata wanne ya kamata a saya don gwada caja da wayarta, wato kebul: ƙaramar mitar USB ita kaɗai, ko a haɗa ta da na'urar da ke jan wuta daidai adadin da aka saita?

Mita zalla ta fi araha, kuma ba ta da wahala. Ka sa ta tsakanin caja da salula, ta nuna maka ƙarfin wuta, wato V, da yawan wutar da ke gudu, wato A. Matsalarta ita ce salula ce ke zaɓen abin da za ta ja. Idan batiri ya kusa cika, sai ka ga 0.5A ka ɗora wa caja laifi, alhali lafiyarta ƙalau. Shi ya sa ake gwadawa batiri na ƙasa sosai.

Da na'urar jan wuta kuwa, kai ke da iko. A ce an rubuta 5V 2A a jikin caja. Ka saita 2A. Idan mita ta nuna 5.0V a bakin caja, amma 4.4V a ƙarshen waya, to 0.6V ya ɓace a hanya: in ka raba 0.6V da 2A, turjiyar wayar 0.3Ω ke nan, wayar ce mai laifi. Idan kuma tun a bakin caja wutar ta faɗi ƙasa da 4.75V, rubutun jikinta ƙarya ne. Sai dai na'urar tana zafi sosai, don kusan wat 10 take ƙonawa, kuma bai kamata ka ja fiye da abin da aka rubuta ba.

Mai son duba cajarsa jefi-jefi, mita zalla ta ishe shi. Mai gyara ko mai sayar da caja da yawa, ya ƙara da na'urar jan wuta.