Kofunan yumɓu huɗu, bayan wata uku ina shan shayi da su

Farkon hunturu na sayi kofuna huɗu ginin hannu a wajen wata baiwar Allah da ke kawo su Kano daga hannun magina, kowanne da murfinsa na katako. Kuɗin ɗaya zai saya maka uku na kanti. Maigidan da ya ji farashin cewa ya yi, "Hajiya, ai shahararriyar maginiyar tukwanen nan Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ce kaɗai za ta yi mana wannan tsada."

Abin da ya ja hankalina shi ne sheƙin da ake shafa musu kafin gashi. Nasu na toka ne, kore-kore mai duhu. Ya narke a wuta ya gangaro, ya taru da kauri dab da gindi kamar zuma ta daskare, a bakin kofin kuma ya yi siriri har kana hango jan yumɓun. Akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ƙarfen cikin ƙasar ne ya huda ya fito. A ƙasan mariƙi, shatin babban yatsan magini na nan inda ya danna.

Yanzu har kayan kamfani ana yi musu tabon ƙarya, shi ya sa na jera biyu na duba. Da a ce tabon yana wuri ɗaya a kowanne, da na san aikin inji ne. Nawa ko tsayinsu bai zo ɗaya ba. Murfin ma na juya shi, na ga jijiyar itacen ta bi ta gefe ta ɓulla ƙasa, ba zane aka manna a sama ba.

Amma ba kowane tabo ne ado ba. Na huɗun, bayan sati uku, cikinsa ya yi tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo, shayi ya shiga ya rina su. Na ƙwanƙwasa shi da cokali ya yi "ƙwas", alhali sauran na amsawa "ƙiriring". Na cika shi da ruwa na ɗora a kan takarda ya kwana, da safe na tarar da zoben lema. Wuta ba ta ratsa shi ba ke nan, yumɓun na shan ruwa. Irin wannan ba na zuba masa madara, don abin da ya shige tsagar soso ba ya kai masa. Da na yi wa mai kayan magana sai ta ce wai kyan ginin hannu ke nan. Ban ji daɗin amsar ba.

Murfi biyu kuma bushewar hunturu ta karkata su, laifina ne da na jiƙa su a roba. Sauran gogewa nake yi in ɗan shafa mai.

Ukun suna riƙe zafi, shayina yakan jira ni in idar da azkar. Zan ƙara saye, amma da cokalina zan je. Na huɗun yana kan taga, na dasa na'a-na'a a ciki.