Auna tsawon giginya da inuwa, wace hanya ta fi?

"Salamu alaikum 'yan uwa, giginya ce muke son sarewa a garkarmu ta Mirriya, muna tsoron ta faɗa kan katanga. Wani ya ce in jira inuwar sanda ta kai tsawon sandar, wani ya ce a yi lissafi kawai, wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duka biyun tushensu guda, rana ɗaya ke haska sanda da giginyar, yadda inuwar sanda take ga sandar haka ta giginya take ga giginyar.

Ta jiran ba ta son lissafi ko kaɗan, ka kafa sanda a miƙe, ka zana da'ira a ƙasa wadda daga gindin sandar zuwa layin ya kai tsawonta, da bakin inuwa ya taɓa layin sai wani ya sa dutse a ƙarshen inuwar giginya, abin da kuka auna shi ne tsawonta. Matsalarta sau biyu kawai take zuwa a wuni, hantsi da yamma, in ta wuce ka sai gobe. Kuma don Allah kar ka ce kiran la'asar zai zama agogonka, don la'asar tana shiga ne in inuwa ta kai tsawon abu bayan an ƙara inuwar da ta rage da rana tsaka, wadda nan Damagaram a watan Disamba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon abin. Giginyar mita 15 sai ta fito maka 26! Sai wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, da rana ke bi ta tsakar ka, suke kusan haɗuwa.

Ta lissafin kuwa ko yaushe akwai rana ka yi. Misali sandar santimita 120 ce a saman ƙasa, banda abin da ya nutse, inuwarta 160, inuwar giginya mita 20:

20 × 120 ÷ 160 = 15

Mita 15 ke nan. Amma nan kuskure kaɗan girma yake, in ka karanta 155 maimakon 160 amsar ta ƙaru da kusan rabin mita, shi ya sa sai ku zama ku biyu, ku sa alama a inuwoyin lokaci guda sannan a ɗauko igiyar awo a natse, inuwa ba ta jiran kowa.

Ni ta lissafin zan bi, in yi da ƙarfe tara in sake da yamma, in amsoshin sun yi nisa da juna to ko ƙasar gangare ce, ko sandar ta karkace, ko giginyar kanta. Ka fara awo daga tsakiyar gindi ba gefensa ba, ranar hazo kuma ka haƙura, bakin inuwar ba ya fita. In tsakanin gindin da katangar bai wuce amsar da mita uku ba, a hau a sare kan tukuna.