Asusun bin ma'auni ko asusun da manaja ke juyawa: abin dubawa kafin ka zuba kuɗinka a hannun jari

Idan ka je wajen dillalin hannun jari ko ka buɗe manhajar wani kamfanin zuba jari, asusu iri biyu za a shimfiɗa maka. Na farko shi ne wanda a takarda ake rubuta masa Index Fund. Aikinsa guda ne: ya sayi kamfanonin da ke cikin wani ma'aunin kasuwa, wato jerin kamfanonin da ake auna hawa da saukar kasuwa da su, kowanne gwargwadon nauyinsa a ma'aunin, ya riƙe. Idan ma'aunin NGX 30 ne, wato manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannun jarin Najeriya, to su zai saya, ba ƙari ba ragi. Na biyu shi ne wanda aka ɗora wa manaja da tawagar masu nazari, suna zaɓar abin da suke ganin zai tashi, suna sayar da abin da suke tsoro, da niyyar su wuce kasuwa. Ga mai ajiye kuɗi na shekara goma zuwa sama, na farkon nake zaɓa, kuma dalilin lissafi ne kawai.

A fara da kuɗin kula, domin nan ne mafi yawan mutane ke yin asara ba su sani ba. Ba a aiko maka da takardar biya. Kullum ana yankar ɗan kaɗan daga dukiyar asusun kafin a fitar da farashin kowane kaso, don haka ba za ka taɓa ganin an cire maka ko sisi ba. Abin da za ka nema a takardar bayanin asusun shi ne layin da aka rubuta Total Expense Ratio, wato jimillar abin da asusun ke ci a shekara: ladan manaja, na amintacce, na mai ajiya, na masu binciken lissafi. Kada ka tsaya a kan Management Fee kaɗai, wannan yanki ne kawai na kuɗin.

Ga misali, na lissafi ne ba alkawari ba. Ka zuba naira miliyan 1, ka bar ta shekara 20, kasuwa kuma tana ba da kashi 15 cikin ɗari kowace shekara. Asusun da ke cin kashi 0.5 zai bar maka kashi 14.5, kuɗinka ya kai kusan miliyan 15. Wanda ke cin kashi 2.5 zai bar maka 12.5, ka tashi da kusan miliyan 10 da rabi. Tazarar kashi 2 da ake gani kamar ba komai ta cinye kusan miliyan 4 da rabi, fiye da ninki huɗu na abin da ka fara zubawa. Dalili shi ne kuɗin da aka yanka a shekarar farko ya tafi tare da duk ribar da zai haifa a shekaru 19 da suka rage. Saboda haka manajan da ke karɓar kashi 2.5 sai ya wuce kasuwa da kashi 2 kowace shekara, tsawon shekara 20, kafin ma ya yi kunnen doki da asusun da ba ya zaɓen komai.

To yana iyawa? Wasu suna iyawa na ɗan lokaci, kaɗan ne ke ɗorewa. William Sharpe, wanda ya karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ya bayyana dalilin tun 1991: masu juya kuɗi idan aka haɗa su gaba ɗaya su ne kasuwar, ribar da wani ya ci sama da matsakaici wani ne ya rasa ta. Kafin a cire kuɗin kula, matsakaicinsu daidai yake da kasuwa. Bayan an cire, dole ya koma ƙasa. Rahotannin SPIVA da kamfanin S&P ke fitarwa sun sha nuna cewa cikin shekara 15, kusan tara cikin goma na asusun manyan kamfanonin Amurka da manajoji ke juyawa ba sa kamo ma'aunin S&P 500. Wannan ne tunanin da John Bogle ya gina asusun bin ma'auni na farko ga talakawan masu zuba jari a kansa a kamfanin Vanguard a 1976, kuma yau akwai asusun S&P 500 da ke cin kashi 0.03 kacal a shekara. A Najeriya ba za ka samu arha irin wannan ba, kasuwar ƙarama ce kuma asusun ƙanana ne, don haka karanta adadin da ke takarda, kada ka ɗauka kowane mai bin ma'auni mai sauƙi ne.

Asusun manaja yana da hujja ɗaya mai ƙarfi: a kasuwa irin ta Legas, inda kamfanoni ƙalilan kamar Dangote Cement, MTN Nigeria, Airtel Africa da BUA Foods ke ɗauke da kaso mai tsoka na nauyin ma'auni, manaja na iya rarraba kuɗi fiye da haka. Gaskiya ne, sai dai kai ne za ka nemo manajan kirki tun kafin ya nuna kansa, kuma gwanin bara ba lalle ya zama gwanin bana ba.

Sai maganar bin ma'auni, wadda da ita ake gane ingancin asusun da na zaɓa. Ba a tambayarsa ko ya ci riba mai yawa, ana tambayarsa ko ya tafi kafaɗa da kafaɗa da ma'auninsa. Abu biyu ake dubawa, mutane kuma suna yawan gauraya su. Tracking Difference shi ne tazarar ƙarshen shekara: ma'auni ya tashi da kashi 20, asusu ya tashi da 18.8, tazara 1.2. Tracking Error kuwa yana auna yadda tazarar ke tangal-tangal ne daga wata zuwa wata. Asusu na iya kasancewa a baya da kashi 1.2 daidai kowace shekara, tangal-tangal ɗinsa kusan babu, amma kuɗinka na zurarewa. Ga mai riƙewa na dogon lokaci, tazarar ce ta fi shafar aljihu.

Ka ɗauki tazarar nan ta 1.2 ka cire kuɗin kula. Idan takarda ta ce 0.7, saura 0.5, kuma wannan ragowar tana da mafari. Wani ɓangare tsabar kuɗi ne da asusun ke riƙewa don biyan masu fita, wanda ba ya tashi idan kasuwa ta tashi. Wani kuɗin dillali ne lokacin da aka sake tsara ma'auni, aka fitar da wani kamfani aka shigo da wani, asusun ya sayar ya saya dole. Idan hannun jarin kamfanin ba ya samun masu ciniki sosai, sayen da asusun ke yi shi kansa yana ɗaga farashin a kansa. Ban da wannan tazarar, akwai kuma haraji: mai zaune a Najeriya da ya sayi asusun da aka yi wa rajista a Amurka, ana cire kashi 30 daga rabon ribarsa kafin ya iso. Tazarar da ta ɗan zarce kuɗin kula ba abin damuwa ba ce. Wadda ta ninka shi sau biyu ko uku shekara bayan shekara, alama ce ta asusun da ba a tafiyar da shi da kyau.

Nan akwai tarko. Ma'auni iri biyu ne: mai ƙirga farashi kaɗai, da mai haɗawa da rabon riba, wanda ake rubuta wa Total Return. Asusu yana karɓar rabon riba daga kamfanoni. Idan aka gwada shi da ma'aunin farashi kaɗai, zai fito kamar ya wuce kasuwa alhali bai yi komai ba. Duba layin Benchmark ka tabbatar da wanne aka gwada.

Ga wanda zai saya a kasuwar Legas, irin waɗannan asusun galibi a siffar ETF suke, ana cinikinsu kamar hannun jarin kamfani. Vetiva Griffin 30 da Stanbic IBTC ETF 30 suna bin NGX 30. Mai gudun bankunan ruwa da kamfanonin giya yana da Lotus Halal Equity ETF, da ke bin ma'aunin NGX Lotus Islamic. Kowanne ka zaɓa, kafin ka danna saye, gwada farashin allo da NAV, wato ainihin darajar kaso ɗaya da kamfanin ke wallafawa. Inda ciniki ya yi ƙaranci, farashi kan yi nisa da darajar. Idan NAV naira 100 ne ka saya a 110, ka biya kuɗin kula na shekaru da dama a rana ɗaya. Yi amfani da Limit Order ka sa iyakar farashinka. Kuma ka sani asusun nan ba ya kauce wa faɗuwa: da S&P 500 ya zube da kashi 37 a 2008, masu binsa sun zube tare da shi.

Yanzu ga jabu, kuma iri biyu ne. Na farko yana da lasisi, yana sanye da rigar manaja, yana karɓar ladan manaja, amma a ɓoye ma'auni yake kwafa. Hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin Tarayyar Turai ta yi kiyasi a 2016 cewa kashi 5 zuwa 15 na asusun hannun jarin da ta duba na iya zama irin wannan. Gane shi ba wuya. Ajiye jerin manyan kamfanoni goma na asusun kusa da na ma'auni. Idan sunaye ɗaya ne, nauyi kusan ɗaya, kuma ribarsa kullum tana bayan ma'auni da daidai kuɗin kularsa, kana sayen gero ne da farashin alkama.

Na biyu ɓarawo ne tsantsa. Babu asusun hannun jari, na ma'auni ko na manaja, da zai iya yi maka alkawarin riba tsayayya, balle kashi 20 ko 30 a wata. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, kuma irinsu kan dawo da sabon suna, wani lokaci har da kalmar halal a goshi da hoton ma'aunin Amurka a manhaja. Takardar CAC da suke nunawa shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Izinin yana hannun hukumar SEC mai kula da kasuwar jari ta Najeriya, kuma a shafinta ake neman sunan kamfanin da sunan asusun kansa, harafi da harafi, domin masu damfara kan ari sunan kamfani na gaskiya su sauya kalma ɗaya. Asusu na gaskiya yana da amintacce da mai ajiya waɗanda ba manajan ba ne, kuma sunayensu na cikin takardar tayi. Ba a tura kuɗi zuwa asusun banki mai sunan mutum. Ba a ba ka kamasho don ka kawo ɗan'uwanka. Idan kuma ETF ka saya ta hannun dillali, ka nemi lambarka ta CHN, wato lambar shaidarka ta mai zuba jari, ka duba bayanin CSCS, kamfanin da ke ajiye rajistar masu hannun jari, bayan an kammala cinikin, ka ga adadin kason da ka biya a rubuce da sunanka.