Awon DXA: sakamakon bai ce tsoka ba, ku ne kuka ce

'Yan uwa na gida, abin da ya fi ba baƙo mamaki a nan wurin awon DXA, wato awon yawan kitse da nama da ƙashin jiki, shi ne yadda ma'aikaciyar awo kan tsare mutum da tambayoyi tun bai hau gadon na'ura ba. Ka ci abinci? Ka sha ruwa? Ka motsa jiki yau? In amsar e ce, wata ma sai ta ce ka dawo gobe da safe. Mu da muka saba mu hau sikeli da takalmi da waya a aljihu mu ce an yi awo, sai mu ga kamar fi'ili ne. Alhali ita ce da gaskiya.

Na'urar DXA hasken eksire take harbawa iri biyu, mai ƙarfi da mai rauni, ya ratsa jiki daga kai zuwa ƙafa cikin minti goma ko ƙasa da haka. Kitse da nama da ƙashi kowanne da yadda yake shanye hasken nan biyu, daga bambancin ne ake fitar da lissafi. Hasken kaɗan ne ƙwarai, bai kai na hoton ƙirji ba, duk da haka ba a yi wa mai juna biyu. Takarda ta fito da lambobi uku: Fat Mass na kitse, BMC na ma'adinin ƙashi, sai Lean Mass. Ta kuma raba su hannu-hannu, ƙafa-ƙafa, da gangar jiki. Nan kam dole a yaba, don sikeli bai taɓa gaya wa kowa cewa ƙafarsa ta hagu ta rame bayan karaya ba.

Lean Mass ɗin nan ne ke ruɗar jama'a. Ba tsoka ba ce zalla. Duk abin da ba kitse ba, ba ƙashi ba, nan ake jefa shi: tsoka, hanta, huhu, jini, fata, abincin da ke cikin hanji, har fitsarin da ke mafitsara. Kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, na'urar kuwa ba ta rarrabe ruwa da nama.

A ɗauki mutum mai kilo 80 da aka auna da sassafe bai karya ba: kitse kilo 20, Lean Mass kilo 57, ƙashi kilo 3. Kitsensa kashi 25 cikin ɗari ke nan. Bayan wata uku ya koma da yamma, ya ci ya ƙoshi, ya kora da ruwa, abin da ke cikinsa ya kai kilo ɗaya da rabi. Takarda za ta nuna Lean Mass wajen 58.5, kitse ya sauko zuwa kashi 24.5, shi kuma ya shiga yi wa abokai albishir ya ƙara tsoka. Kitsen nan kilo 20 yana nan daram. Yadda ake gane wannan: a dubi kilon kitsen maimakon kason, sannan a dubi inda ƙarin ya faɗa. In a gangar jiki ya taru, hannu da ƙafa ba su motsa ba, ciki ne ya cika. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon ƙoda ko zuciya ma haka yake fitowa kamar ƙaƙƙarfa.

Akwai wata gazawar da masu tallar awon ba sa faɗa. Haske biyu abu biyu kaɗai yake iya rabawa a wuri guda. Inda ƙashi ya gitta, na'urar tana raba ƙashi da sauran nama ne, sai ta kintaci kitsen wurin daga maƙwabtansa. Shi ya sa lambobin ƙirji da na kai ba su kai na cinya inganci ba. Kitsen da ke kewaye da hanji ma kintace ne. Kuma in aka auna ka da na'urar kamfanin Hologic bana, baɗi da ta kamfanin GE Lunar, kada ka jera takardun biyu, kowacce da nata lissafin.

Batun ƙashi kuma, kilo 3 ɗin nan ba ya nuna ko ƙashinka ya yi rauni. Wannan sai an auna ƙugu da ƙashin baya daban, a duba T-score, wato lambar da ke kwatanta ƙashinka da na matashi lafiyayye, inda -2.5 ko ƙasa ke nuna zaizayewar ƙashi ga mata da suka daina al'ada da maza 'yan 50 zuwa sama. Ko shi ɗin, amosanin ƙashin baya kan ɗaga lambar, tsoho ya fito lafiyayye a takarda.

Duk wanda zai maimaita awon, ya koma na'ura ɗaya, da safe, bai ci ba, bai motsa jiki ba, ya zaga ya yi fitsari, ya cire bel da duk wani ƙarfe.